Ana neman mai yanka

A wancan lokacin ina aiki a wani ƙaramin shagon buga takardu a unguwar Briqueterie ta Yaoundé. Kwamfuta biyu gare mu, da injin hoton takardu ɗaya mai yawan cin takarda. Mutane kan kawo wasiƙar neman aiki, ko takardar haya, ko katin biki, in buga musu da Faransanci. A hankali aka gane ba bugawa kawai nake yi ba, ina gyarawa, sai aka riƙa kawo min sanarwar neman ma'aikata daga shagunan unguwa.

Wata ranar Talata da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, Alhaji ya shigo yana kakkaɓe jar laka daga takalminsa. Alhaji shi ne mai shagon ɗinkin da mahaifina yake aiki tun kafin a haife ni. Baba ne mai yankan shagon: shi ke auna mutum, ya zana da alli, ya yanka yadi, sannan ya miƙa wa masu keken ɗinki. Na miƙe na gaishe shi, ya amsa yana kallon injin hoto. Sai ya ajiye wata takarda a kan teburina ya ce, "Ɗiyata, mako uku ke nan da muka liƙa wannan, ba wanda ya zo sai mutum ɗaya, shi ma gadi yake nema. An ce ke kin san yadda ake yi."

Ina karanta layin farko na gane. Mai yanka ake nema.

Na san hannun Baba ya fara rawa. A gida muna ganin yadda shayi ke zuba idan ya ɗaga kofi, kowa ya kau da kai. Na kuma ji labarin shaddar wani ango da ta lalace a hannunsa. Amma ba wanda ya ce min an kai ga neman wani.

"Ya sani?" na tambaya.

"Shi ya ce a nema," in ji Alhaji. "Ni ban iya faɗa masa ba. Shi ya faɗa min."

Ɗan Alhaji ne ya rubuta sanarwar, sakin layi ɗaya dogo, ba wurin numfashi. Ta fara da cewa shagonsu ne na ɗaya a duk Yaoundé, manyan mutane ne ke sa ɗinkinsu. Sai ta ce ana neman gwanin yanka mai takardar makarantar koyon sana'a. Sai ta koma yabon shago. Daga nan ta ce zai buɗe shago da safe, ya karɓi masu kawo ɗinki, ya iya surfani, ya gyara keke idan ya lalace, ya je kasuwar Mokolo sayen zare, kada ya wuce shekara talatin da biyar, ya kasance mai haƙuri da tsoron Allah. Ta rufe da manyan baƙaƙe: wanda ba da gaske yake ba kada ya zo. Ba a faɗi lokacin aiki ba, ba a faɗi yadda ake biya ba, ba a ce wa za a nema idan an zo ba.

Na ce, "Alhaji, wannan aikin mutum huɗu ne. Duk wanda ya karanta zai ji tsoro."

Ya ce, "Ai duk babanki yana yin su."

Na ɗauki biro ja na fara raba jimlolin, domin haka nake yi wa kowace sanarwa: abin da mutum zai yi a gefe guda, abin da ake so ya zo da shi a gefe guda, yabon shago a gefe guda. Yabon ya fi komai yawa. Na ce masa layi biyu sun isa: shagon ɗinkin kayan maza ne a Briqueterie, ya daɗe yana aiki, teloli shida ne a ciki. Ya ɗan ja, ya ce a bar maganar manyan mutane. Na ce mai neman aiki so yake ya san inda zai wuni da waɗanda zai wuni da su. Sai ya ce to.

Da muka zo kan ainihin aikin, sai Alhaji ya kasa. Ya san ana yanka, amma bai san me ke fara zuwa ba, me ke biye, me ya zama dole, me za a iya koyo daga baya. Shekarunsa a shagon ya yi su ne a bakin ƙofa tare da masu kawo ɗinki. Ya ce, "Wannan kam sai shi."

Bayan la'asar na rufe kwamfuta na taka zuwa shagon ɗinkin. Baba yana zaune a bayan babban teburin yanka, almakashinsa a ajiye, yana duba wuyan wata riga da aka gama. Da ya ga takardar a hannuna sai ya gyara zama ya ce, "Ke aka kai wa? Gara ke."

Na jawo kujera. Kekuna suna ta ƙara a bayanmu, sai da na matso kusa kafin na riƙa jin sa. Na ce ya faɗa min aikin kamar yana gaya wa wanda bai taɓa shiga shagon ba, kowane layi ya fara da abin da hannu zai yi.

Ya rufe ido ya fara. Auna mai kaya da rubuta awonsa a littafi. Duba yadi kafin a taɓa shi, ko da tabo ko inda saƙa ta kauce. Zana da alli yadda furen shadda zai haɗu a ɗinki. Yanka. Ɗaure kowane yanka da sunan mai shi, a miƙa wa mai keke tare da bayani. Duba riga bayan an gama. Shida ne cif. Ina rubutawa, yana gyara min. Da na rubuta "yanka da sauri" sai ya ce in cire "sauri", wanda ya iya zai yi sauri da kansa.

Na karanta masa sauran: buɗe shago, gyaran keke, zuwa kasuwa, surfani.

"Waɗannan ba aikin mai yanka ba ne," ya ce. "Ni na ɗora wa kaina, don ba na iya zama. A raba wa sauran. Kada ki ɗora wa baƙo."

Sai muka zo kan sharuɗɗa. Na raba su biyu, na dole da na so samu. Na tambaye shi takardar makaranta a wane ɓangare za ta shiga. Ya yi ɗan murmushi.

"Da da wannan takardar aka neme ni, da ban shigo ba. Ranar da na zo daga arewa ban san kalmar Faransanci ko ɗaya ba. Mahaifin Alhaji ya miƙo min yadi da almakashi ya ce in yanka masa 'yar shara. Shi ke nan."

Muka mayar da takardar makaranta cikin so samu, tare da surfani. Na dole suka zama uku: ya taɓa yankan manyan kaya na maza, ya iya awo da rubuta shi, ya yarda a gwada shi a kan yadi. Shekarun haihuwa na soke su da kaina. Haƙuri da tsoron Allah kuwa shi ya ce a cire, wai ba a ganin su a takarda, sai an zauna da mutum. Na tambaye shi ko dole ne ya zama namiji. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce almakashi bai sani ba.

Alhaji ya shigo muka cika abin da ya rage: daga ƙarfe nawa zuwa nawa, hutun Juma'a da rana da na Lahadi, yadda ake biya, da ƙarin da ake yi idan sallah ta matso. Sai yadda za a nemi aikin: a zo shago da safe kafin ƙarshen wata, a nemi Alhaji, a kawo riga ɗaya da mutum ya yanka da hannunsa. Layin nan na manyan baƙaƙe na goge shi. Na tambayi Baba me za mu sa a madadinsa.

Ya dubi hannuwansa a kan tebur. Na dama yana rawa a hankali, ya ɗora na hagu a kai. Ya ce, "Rubuta cewa wanda ke wurin zai zauna da shi har ya saba. Kuma ko bai cika komai ba ya zo a gani."

Na rubuta, amma ban iya karanta masa ba. Na ce zan je in buga kafin a ɗauke wuta.

Na buga ta a shafi ɗaya, kowane sashe da kansa. Aka liƙa a ƙofar shago da wurin masu sayar da zare, aka tura a waya. Na kuma karanta ta da Hausa na naɗa a waya, saboda waɗanda ba sa karatun boko.

Cikin mako guda mutum biyar suka zo. Baba ya gwada kowa a kan yadi mai araha. Wadda ya zaɓa wata mata ce daga unguwar Nkomkana, ta haura arba'in, Hausarta ta kasuwa ce kawai. Ta yi shekaru tana yanka a shagon mijinta kafin ya rasu. Daga baya ta gaya min ta ga sanarwar farko ta wuce, don shekarunta sun zarce kuma ba ta da takarda.

Baba ya zauna da ita wajen wata biyu. Da farko a tsaye yake kusa da ita, daga baya ya koma kan benci yana kallo. Na leƙa sau ɗaya na same shi yana nuna mata da haɓa inda allinta ya kauce, hannuwansa a cikin aljihu. Alhaji ya roƙe shi ya ci gaba da zuwa ko don hira, Baba ya ce zai riƙa zuwa.

Wata Alhamis ya dawo gida tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba. Inna ta fito daga madafa ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Ta iya." Ya nemi a ba shi buta.

Bai koma ba. Idan zai je masallaci sai ya bi ta wani lungu mai nisa, ko da ana ruwa, don kada ya wuce ta ƙofar shagon. Ya rage magana, ya rage cin abinci. Da sallah ta zo Alhaji ya aiko masa da riga, Baba ya juya ta ciki ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce an yanka daidai, ya sa ta ya je idi. Bai kai wata sallar ba.

Ranar uku da rasuwarsa matar ta zo gaisuwa. Ta zauna a cikin mata ba ta san kowa ba, sai na koma kusa da ita. Da za ta tafi na raka ta har bakin titi, muka tsaya tare har ta samu taksi.