Wuyan Tsohuwar Rigata

A shekarar da makarantarmu ta yi kalanda, an ce kowace malama ta kawo hotonta sanye da ankon shuɗiyar atamfa. Nawa ɗinkin yana wurin tela, ga lokaci ya ƙure. Sai na tafi shagon hoto na wata mata a Gwammaja, na ba ta hoton da aka ɗauke ni a tsakar gida ina sanye da koriyar rigata ta zaman gida, da hoton ankon. Ta ce kwamfuta za ta sauya mini rigar.

A allon kwamfutar, ta shafe rigar da jan launi, ta ce inda ta shafa kaɗai injin zai sake zanawa. Da hoton ya fito, ga shuɗiyar atamfa, amma wani siririn koren zare ya zagaye wuyana da kafaɗuna.

“Na yi sauri, Malama,” in ji ta. “A bakin rigar na tsaya cif. Abin da ban rufe ba, ba ya taɓa shi.”

Ta sake shafawa da faɗi. Wannan karon jan ya hau fatata, sai injin ya yi mini wani wuya sumul, ya cinye rabin sarƙata.

Ta ce sai mun bi a hankali. Ta ƙara girman hoton har wuyan rigar ya cika allon. Ga inda ya zare, ga facin da na yi da baƙin zare don ban sami kore ba, ga tabon manja. Shekara da shekaru ina ganin babu mai lura. A kan bencin da ke bayana kuwa mahaifiyar wata ɗalibata ce zaune tana jiran layi.

Mai shagon ba ta ɗago ba. Ta rage kaurin burushin da take shafa jan da shi, ta bi layin wuyan tana ɗan gota bakin yadin kaɗan, tana kauce wa sarƙar. Ta wajen kafaɗa ta fita sosai cikin bango, domin hannun ankon ya fi na rigata faɗi. Ta rufe har inuwar rigar, sannan ta ɗan tausasa gefen don kada mahaɗar ta fito kamar yankan almakashi. Duk tsawon aikin facin nan yana tsakiyar allo. Na yi ta gyara zaman mayafina, na rasa inda zan sa idona.

Hoto ya fito tsaf. Ina haɗa jakata sai mahaifiyar ɗalibar tawa ta ce, “Malama, ankon ya karɓe ki.”

“Na gode, Hajiya,” na ce, ban iya kallonta ba.

Kalandar ta shekara a rataye a ofishinmu, ban taɓa tsayawa a gabanta ba.