Rajista

A shekarun ƙarshe na mulkin soja aka kawo wa makarantarmu ta sakandare, can wajen Kiru, kwamfuta goma sha shida. Ni aka ɗauka in kula da su, don na ɗan koyi aikin a Kano. Dukkansu babu komai a ciki, sai an zuba musu manhajar da ke tafiyar da su.

Aikin zubawar kuwa akwai cin rai. Ka sa ta fara, ta ɗan yi gaba, ta tsaya ta tambaye ka sunan mai ita. Ka ba ta, ta nemi lambar lasisi, ta nemi agogon wace ƙasa, ta nemi sunan da za a san ta da shi cikin 'yan'uwanta. In ka fita shan ruwa, haka za ka dawo ka tarar da ita ta zuba maka ido. Ga shi wutarmu ta janareta ce, ba ya wuce azahar. In ɗaya bayan ɗaya zan bi su, sai damina ta fita ban gama ba.

Mafitar ita ce fayil ɗin amsa. Ɗan rubutu ne kawai, kowane layi da tambaya a hagu, amsa a dama. Kana tayar da zubawar sai ka nuna mata shi, ta riƙa ɗaukar amsoshinta daga can ba ta jira kowa ba. Na kwafe kayan zubawar cikin kowace kwamfuta, na yi wa kowacce ɗan faifan da ake zura mata, da fayil ɗinta a ciki, domin sunan kwamfutar dole ya bambanta, in ba haka ba sai su yi karo idan an haɗa su da waya. Sauran layukan duk iri ɗaya ne.

Layi guda ne ya tsaya mini, na sunan mai ita. A layin sunan ma'aikata na rubuta sunan makaranta, amma shi wannan in aka bar shi fayau za ta tsaya ta tambaya. Na je wurin shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, in sa sunanka?"

"A'a! Ni ana iya yi mini canji gobe. Sa naka mana, ba kai ke fama da su ba?"

Na sa nawa da na mahaifina, yadda yake a takardun makarantata. Na bi su na tayar, na koma na zauna ina kallon su suna aiki su kaɗai. Ba zan ɓoye ba, ranar kaina ya yi girma.

Da ma'ajin kayan makaranta ya zo ƙirga su, ya sa na buɗe masa shafin da ke nuna bayanin kwamfuta. Ya karanta Turancin da ke wurin, ya fassara wa kansa da ƙarfi: "An yi wa wane rajista." Ya matsa ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ya gyara hularsa ya fita.

A wurinmu kuwa rajista ba ƙaramar kalma ba ce. Babur ake yi wa rajista, da fili. Wanda sunansa ke kai shi ne mai abu. Kafin mako ya zagayo, maganar ta bar makaranta ta shiga kasuwa: sabon malamin nan ya mallake kayan gwamnati, har ya buga sunansa a cikin kowacce. Mai babur ɗin da ya saba ɗauko ni ya ce, "Malam, in za ka sayar a tuna da mu." Na yi dariyar yaƙe. Shugaban da ya ce in sa sunana sai ya zamana ba ya tuna mun yi wannan magana. Abin da ya tuna kawai shi ne kwamitin iyaye zai zo ranar Laraba ya gani da idonsa, kuma in an kai ƙara ofishin ilimi, ba ruwansa.

Abinci ya daina shiga. Da aikin ne kaɗai, da da sauƙi. A ce mini ɓarawo a ƙasar da kowa ya san gidanmu, wannan ne ya hana ni sakat.

Ranar Laraba da hantsi, kafin 'yan kwamiti su iso, sai ga Baba a ƙofar ɗakin, daga garinmu Ba'awa, takalminsa duk laka. Ya bar noma ana tsakiyarsa ya hau ƙaramar mota. Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gajarce.

"Kai, an ce ka sa sunana a kayan hukuma."

Sai a lokacin na ji abin ta yadda ya iso masa. Rabin sunan nan nasa ne, kuma shi mutane ke kallo a masallaci.

'Yan kwamiti suka zo, shugabansu wani dattijon Bafulatani mai ƙarancin magana. Na yi bayani cewa wannan rajistar ba ta mallaka ba ce, amsa ce guda da na rubuta sau ɗaya ta bazu. Na ga bayanin bai shige su ba. Sai na buɗe fayil ɗin na nuna layin, na ce su faɗi abin da suke so a rubuta. Dattijon ya ce a sa "Ɗaliban Makaranta". Na bi faya-fayan nan ɗaya bayan ɗaya ina canza layin, ina duba kowane harafi sau biyu. Daga baya na san akwai gajeriyar hanyar canza sunan ba sai an sake zubawa ba. A lokacin ban sani ba.

Na tayar da goma sha biyar. Kunnena na kan janareta, don da ya yi tari ɗaya na shiga uku. Can kwamfuta ɗaya ta kashe kanta ta kunna kamar yadda ya kamata, sai ta tsaya da baƙin allo. Ma'aji ya ce, "To fa!" Na matsa na duba. Ashe faifan na bari a bakinta, tana neman tashi daga shi. Na zare, na danna maɓalli, ta ci gaba.

Ta sha shida tana kusurwa, inda Baba ke zaune. Na zo zan tayar da ita ya riƙe hannuna.

"Nuna mini tukuna."

Na buɗe shafin. Baba ya yi karatun allo amma bai san boko ba. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa gilashin.

"Wanne ne nawa?"

Na nuna masa kalma ta biyu. Ya dube ta kaɗan, ya mayar da yatsansa kan ta farko.

"Wannan fa?"

"Nawa ne, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Na ga leɓensa ya motsa, amma sauti bai fito ba. Sannan ya janye yatsan, ya goge tabon da ya bari a gilashin da bakin rigarsa.

"To. Cire mu."

Na sa faifan na tayar da ita.