Shirun da muka bari a cikin waya

Autata tana karatun jinya a Damagaram, sau uku a mako take shiga mota daga Matameye. Tafiyar tana cin sa'a guda da wani abu, kuma ba ta iya duba kaye, wato littafin darussanta, a mota, jiri yake ɗibarta. Da jarrabawa ta matso sai ta ce, "Baba, kai da kake sa mutane haddace littattafai, ka tsara mini abin da zan ɗauka a waya in riƙa saurare."

Ban san Faransanci ba, amma na san yadda karatu yake shiga kunne. Tana karanta kayenta tana fassarawa, ina rubutawa da ajami. Na ce mata kunne ba ya komawa baya kamar ido, saboda haka kowace jimla ta zama gajera. Ma'anar abu ta fara zuwa: sunansa da Faransanci, bayaninsa da Hausa, misali ɗaya. Jinin jijiyar da ke fitowa daga zuciya ja ne wur, yana tsartuwa. Na jijiyar da ke komawa ya fi duhu, yana malala. Matakan aiki kuwa na jera su kamar farillan alwala, a faɗi adadinsu tukuna, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayan kowace tambaya na sa a yi shiru na numfashi biyar, domin mai saurare ya amsa kafin a ba shi amsa.

Jimla ɗaya muka yi gardama a kanta: in ƙyallen da aka danne rauni da shi ya jiƙe, kada a cire, a ɗora wani a kai. Ban ga hikimar barin najasa a jikin mutum ba. Ta ce cirewa tana ɓalle jinin da ya fara daskarewa. Na rubuta, zuciyata ba ta gamsu ba.

Abin kunnenta ya lalace, sai direban da take bi ya riƙa sa muryar a rediyon mota, har fasinjoji suka saba amsawa a cikin shirun.

Wata Laraba na bi su domin a duba mini ido. Muna barin gari motar ta gogi amalanken wani mai rake, kaya suka zube a kwalta. Direba ya fito yana zagi.

"Kai makaho ne, ko hanyar ta ubanka ce?"

"Sake faɗin ubana ka gani!"

Direba ya sharara masa mari. Mai raken ya kai shi ƙasa, ya hau ruwan cikinsa yana naushi, har haƙori ya faɗo a ƙasa. Direba ya lalubi sandar rake ya fasa masa goshi. Sai mutumin ya zaro addar da yake sara da ita. Autata ta shiga tsakani tana cewa su ji tsoron Allah, saran ya sauka a damtsenta.

Jinin ja ne wur, yana tsartuwa har gaban rigata. Na gane shi da siffar da na rubuta da hannuna, na kuma san cewa irinsa ba ya jira. Mata suna salati. Mai raken ya yar da adda, ya tsaya baki buɗe.

Na kwance rawanina, na dunƙule gefensa, na danna a kan raunin da dukan ƙarfina, aka kwantar da ita. Kafin a jima ƙyallen ya jiƙe sharkaf, ɗumin yana bin yatsuna. Shekara sittin ina koya wa mutane gusar da najasa, sai hannuna ya tafi da kansa zai ɗaga shi in sa mai tsarki.

Ta riƙe mini wuyan hannu. Leɓɓanta sun yi fari. Da muryar nan da take ɗauka a waya ta ce, "In ƙyalle ya jiƙe, me za a yi?" Ta yi shiru.

Direba ne ya amsa, bakinsa cike da jini. "Kada a cire, Malam! A ɗora wani!"

Wata Hajiya mai sayar da ƙuli ta miƙo mayafinta. Na ɗora, na ƙara dannawa. Wani ya kawo ruwa, Hajiyar ta ture hannunsa ta ce ba a ba ta komai ta sha, haka yake a mataki na ƙarshe. Muka juya mota zuwa likitar gari, wato ɗan asibitinmu, ban sassauta hannuna ba sai da ma'aikacin ya ce in saki. Ya tambaya wa ya ɗora ƙyalle na biyu a kan na farko. Na nuna masa direba da Hajiya.

Daga nan aka wuce da ita Damagaram, aka ɗinke jijiyar. Ta rayu, da ikon Allah, ko da yake yatsu biyu na wannan hannun har yau ba sa lanƙwasuwa sosai. Jarrabawar ta wuce tana kwance, sai a shekarar da ta biyo baya ta zauna ta.

Da muka koma tsara sauran darussan, na ɗauko takardar farko. A gefen jimlar nan akwai ɗan ɗigon da na sa tun ranar gardama, alamar abin da nake nufin sharewa in ta manta. Na kankare shi da wuƙar fiƙe alƙalami, na sa ta maimaita jimlar sau biyu a sabon ɗauka.