Ranar da Badamasi Ya Je Ɗaukar Shiru

Badamasi mutumin Zariya ne, amma ya fi shekara ashirin a Karu, nan gefen Abuja. Da kaset ya fara sana'a, yana kwafe wa mutane wa'azi da karatu a wani ɗan shago. Da kaset ya mutu sai ya koma faifai, da faifai ya mutu sai ya koyi kwamfuta da furfurarsa. Mutum ne marar yawan magana, mai tafiya da takalminsa a hannu tun daga bakin layin masallaci. Abu ɗaya yake alfahari da shi, shi ma ba ya faɗa sai an tsokane shi: tunda yake, muryar wani ba ta taɓa salwanta a hannunsa ba.

A bara ne ya samu aiki a wani ɗan ofis da ke shirya karatuttuka ana tura wa mutane ta waya. Mai wurin, Oga Musaddiq, tsohon ma'aikacin ma'aikatar tarayya ne da ya ajiye aiki amma bai ajiye son rahoto ba. Aikin Badamasi shi ne duba kowace murya kafin a sake ta. A allon kwamfuta murya takan fito kamar jerin duwatsu. Inda aka ɗaga murya su yi tsawo, inda aka yi shiru su kwanta su zama zare. Idan kawunansu suka yi sumul kamar an bi da almakashi, to an cika ƙara, muryar ta fashe. Badamasi kan kalli wannan zane ya ce, "A nan ya yi tari, a nan ya juya takarda," kuma in an saurara haka ne.

Oga Musaddiq kuwa shiru ne abokin gabarsa. Ya ji an ce mai sauraro a waya ba ya jira, da ya ji tsit sai ya wuce gaba. Don haka ya sa doka: duk shirun da ya wuce daƙiƙa ɗaya a yanke. Manhajar da suke aiki da ita tana da layin awo. Duk sautin da ya yi ƙasa da layin, shiru take kiransa, ta shafa masa launi, ta kuma lissafa kalma nawa ake faɗa a minti guda. Kowace Alhamis sai Badamasi ya kai rahoton wannan a takarda.

Ana haka aka kawo karatun Malama Juwairiyya. Ita dattijuwa ce daga Gwoza, tana zaune a Kuchigoro, tana koya wa mata addu'o'in yau da kullum. An je an ɗauki muryarta a ɗakinta ita kaɗai, darasi goma sha biyu, za a sake su ranar Juma'a. Da Badamasi ya buɗe, sai ya ga tsibi ɗaya na duwatsu, sai dogon zare, sai wani tsibi, sai zare. Rahoto ya ce kashi arba'in da ɗaya cikin ɗari shiru ne.

Oga ya cire tabarau ya ce, "Malam Badamasi, kusan rabin aikin ba komai a ciki. Barci take yi ne?"

"Ban saurara ba tukuna, Oga."

"Ba sai ka saurara ba. Lamba ba ta ƙarya. Yanke."

A ranar aiki ya yi yawa, Badamasi ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya danna, shirun ya fita gaba ɗaya, ya adana sabon a kan tsohon. Memorin na'urar ɗauka kuwa an riga an goge shi tun Litinin an fita da shi wani aiki.

Washegari ya kunna darasin farko a lasifika. Indo, matar da ke musu shara, tana goge tebur a gefe. Ita ma 'yar Kuchigoro ce, ɗalibar Malama, Hausarta irin ta Abuja. Muryar Malama ta fito tana cewa, "Ku maimaita: Bismillahi, ku maimaita: tawakkaltu, ku maimaita," ba ko numfashi, kamar mai kiran fasinja a tashar Mararaba.

Indo ta ajiye tsumma ta buɗe baki za ta bi, kafin ta ce "Bis" Malama ta kai kalma ta huɗu. Ta sake gwadawa, ta sake makara.

"Baba Badamasi, Malama yana fushi da mu ne? Ina wurin da mu za mu faɗa?"

A nan Badamasi ya gane. Ashe dogon zaren nan ba fanko ba ne. Wurin ɗalibai ne. Malama takan faɗi gaɓa ɗaya ta tsaya tana motsa leɓe, daidai yadda mai koyo zai maimaita. Ya yanke rabon mata ɗari biyu, kuma ba shi da na asali. In Oga ya ji an lalata muryar baƙuwa ba gyara, aikin ya tafi, sunan shekara ashirin da wani abu ya bi shi.

Ya ce a ransa ai shiru ne kawai, a mayar mana. Ya sa manhajar ta zuba shirunta tsakanin gaɓoɓin. Da ya saurara sai ya ji kamar waya ce ke mutuwa tana farfaɗowa, domin shirun kwamfuta babu iska a cikinsa, babu ɗaki. Ya kwafo ɗan guntun da ya rage tsakanin kalmomi ya jera shi sau talatin, ya fito yana fir-fir kamar fiffiken tantabara. Abu ɗaya ya rage: a koma ɗakin da aka yi ɗaukar, a ɗauko shirun ɗakin.

Ya shiga wurin Oga ya ce zai je Kuchigoro ɗaukar sauti.

"Sautin me?"

"Na shiru, Oga."

Oga ya ce, "Wanda na ce ka zubar jiya?"

"Wani ne daban."

"Rubuta a littafin fita."

Indo ta raka shi. Malama na zaune a kan darduma ta saurari bayaninsa har ƙarshe. Bai ɓoye komai ba, ya ce shi ya yi, da hannunsa.

Ta ce, "To in sake karantawa mana, ɗana."

"Muryarki tana nan lafiya, Malama. Shirunki ne ya ɓata."

"Ikon Allah. Shekara sittin ina yinsa ban san ana ɗauka ba. Nawa kake so?"

"Minti ɗaya ya isa."

Minti ɗayan nan sai da ya ci musu rabin wuni. Ya kafa makirufo a inda aka kafa da farko, ya buɗe kwamfuta a cinya. Daƙiƙa tara, zakara ya tsaga zaren da wani dogon tsini. Indo ta kife shi da kwando. Daƙiƙa ashirin, mai ruwa ya wuce yana buga jarka. Aka tura a tare bakin lungu. Labari ya bazu cewa wani mutum ya zo daga Karu yana neman shiru, mata suka cika tsakar gida don su taimaka, kowacce tana ce wa 'yar uwarta ta yi shiru. Wata ta tambaya ko za a rubuta sunayen waɗanda suka yi. Aka shiga ɗauka ta uku, sai ga wasu ƙananan tuddai a allo. Badamasi ya duba ko'ina, daga baya ya gane cikinsa ne, bai karya ba.

Bayan azahar Allah ya ba su minti guda cif. Zare siriri, miƙaƙƙe. Ya liƙa shi tsakanin gaɓoɓi biyu, ya ƙara girman zanen, sai ya ga ba su dace ba. Sabon shirun siriri ne kamar zaren ɗinki. Wanda ke ƙarƙashin muryar Malama kuwa kauri gare shi kamar igiyar guga. Ya sa abin ji a kunne ya ƙure ƙara. Can ƙasa akwai wani gurnani da ba ya tsayawa.

"Malama, ranar da aka ɗauke ki, me ke aiki a unguwar nan?"

Indo ce ta amsa. "Injin markaɗen Linda. Gida na uku. Ni na je na roƙe shi ta kashe saboda kai."

Aka aika wa Linda cewa a yi haƙuri a tayar. Ta aiko cewa ba ta tayar da inji haka kawai, duwatsun injin za su cinye juna, a kawo abin markaɗawa. Malama ta sa aka surfa wake kwano biyu da ta jiƙa. Injin ya tashi, Badamasi ya duba ya ce kaurin ya yi daidai, sai dai akuya ta shiga. Aka ƙaro wake daga maƙwabta. Sai a kwano na biyar aka samu shirun da ya dace, mata talatin sun kame baki, inji yana ta aiki daga nesa. Ranar har gidan da ba su san Malama ba sun ci alale.

Da ya koma ofis ya zaunar da Indo kusa da shi. Malama ta faɗi gaɓa, Indo ta maimaita a natse, shi kuma ya auna tsawon ya yanko shiru daidai da shi, ya ƙara ɗan numfashi. Gaɓa ɗari uku da wani abu, haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya har yammacin Alhamis. Da yake Indo ta fi Malama jan kalma, rahoto ya fito da kashi hamsin da biyu.

Ya ajiye takardar a gaban Oga, ya faɗi duk abin da ya faru, ya tsaya hannu a baya yana jiran a ce ya ajiye makulli.

Oga ya ce, "Na aike ka ka rage, ka dawo da ƙari."

"Haka ne, Oga."

"Kunna."

Ya kunna. Malama ta faɗi gaɓar farko ta tsaya. Oga ya zauna yana kallon agogo. A ta uku leɓensa ya fara motsi. A ta shida ya yi tuntuɓe a tsakiyar kalma, ya sake, Malama ta riga shi.

"Wannan wurin ya yi gajere," in ji shi. "Ƙara masa." Ya sake ɗaukar takardar ya ɓata fuska. "Amma ba zan sa hannu a kan hamsin da biyu ba. Mene ne wannan gurnanin a ƙasa?"

"Injin markaɗe ne."

"Inji shiru ne?"

"A'a. Yana ƙasa da layin awo ne, shi ya sa manhajar ke lissafa shi a shiru."

"To wa ya ajiye layin a can? Sauke shi ƙasa da injin."

Badamasi ya sauke layin. Launin ya ɓace daga allo baki ɗaya. Sabon rahoto ya fito: shiru, sifili. Oga ya karanta sau biyu, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ce wannan ne aiki mafi tsafta da ofishin ya taɓa fitarwa. Ya ƙara da cewa daga yau ba a adana komai a kan na asali, Badamasi ya rubuta hakan da manyan baƙaƙe ya manna a bango, kuma ya zo da wuri gobe.

Aka saki darussan da safiyar Juma'a. Badamasi ya tafi masallaci da makullin ofis a aljihu.