Ranar da Goggon Rula Ta Hau Kan Injin Ƙanenta

Goggon Rula ake ce mata, don duk takardar da ta shiga hannunta sai ta ja mata layi. Shekara ashirin da biyu tana buga takardu a ofishin lauya. Ba ta karanta lauya ba, amma fa ko lauyoyin kan leƙo teburinta.

Ƙanenta mai ɗab'i ne. Ya ci bashin banki ya sayi inji, injin kuwa shi ne jinginar. Takardar yarjejeniyar shafi arba'in, tun da ya sa hannu ya tura ta ƙarƙashin katifa.

Da ta tambaye shi ko ya karanta ta, sai ya ce, "Yaya, wata bai taɓa wucewa ban biya ba. Me zan karanta?"

"Kai dai kawo."

Sai ranar da zai tashi zuwa sabon shago matarsa ta kawo mata. Goggo ta shimfiɗa farar takarda, ta ja gida huɗu: abin da ya wajaba a kansa, ranar ƙarshe, tarar makara, sai abin da in ya yi banki zai ce ya saɓa. Kowane layi da lambar shafinsa a gefe. Biya, biyar ga wata. In ya makara, tarar kashi biyu cikin ɗari na kuɗin watan. Inshorar inji, a sabunta duk shekara, a kai shaida cikin kwana goma sha huɗu. Tana yi tana kurɓar shayi.

A shafi na talatin da ɗaya ta dire kofin. In aka ɗaga injin daga shagon nan ba da rubutaccen izinin banki ba, an saɓa. Babu tara, babu kwanakin gyara. Suna iya neman a biya bashin gaba ɗaya, in babu su ɗauke inji.

Ta kira shi, bai ɗauka ba. Ai kuwa ta zari mayafi ta tare tasi!

Ta tarar da babbar mota a ƙofar shagon, ƙarti shida sun ɗaure injin da igiya. Ta ratsa su ta ɗare kai ta zauna, ta miƙa wa ƙanenta takardar da ta ja wa layi.

"Yaya, lafiyarki kuwa?"

"Ƙalau! Karanta layin ƙarshe, sarkin biya a kan kari."

Ya karanta, ya sake karantawa.

"To ai injina ne!"

"Naka ne, amma a hannunsu yake. Ya fita ƙofar nan, ka shiga uku."

Direba ya ce, "Hajiya, ko da ke za mu loda?"

"Gwada ka gani, ɗan nema!"

Aka kwashe da dariya, aka kwance igiya. Nan kan injin ta rubuta wasiƙar neman izini, ya sa hannu yana ƙunƙuni.

Kwana tara izini ya fito. Ranar tashi ita ce a gaban mota, tana yi wa direba tsawa a kan kowane rami.