Injin Baba da Ba Shi da Rasit

Shekarar da kuɗin baƙin mai ya haukace, Baba ya aiko mini har unguwar Bacirawa in zo gida. Ina koyar da lissafin kasuwanci a sakandare, shi ya sa duk takardar da ta shigo ƙauyenmu da tambarin gwamnati sai a ce a kira Malama. Na tarar da shi a rumfar injin niƙansa, takardar ofishin haraji a cinya. An ba shi wa'adi ya kai lissafin ribarsa ta bara, in ba haka ba su yanka masa abin da suka ga dama, su garƙame rumfar.

Hankalinsa kwance yake. Baba mutum ne mai rubutu, ko allura ya saya sai ta shiga littafinsa da ajami. Ya miƙo mini littafin ya ce, "Duba ki gani. Dubu ɗari huɗu ce ta rage. Me za su ci a ciki?"

Na buɗe na bi layi-layi. Baƙin mai, ladan mai juya inji, gyaran bel, duk waɗannan daidai ne, doka ta yarda a cire su tunda sana'ar ce ta ci su. Amma a layi ɗaya da su ga cefanen gida da maganin Inna, dubu ɗari tara. Ga zakka da sadaka, dubu ɗari biyu. Ga kuɗin injin casar shinkafa da ya ƙaro a shekarar, miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, ya cire su gaba ɗaya kamar ya sayi buhun gishiri.

Na ce, "Baba, waɗannan ukun sai an mayar da su kan riba."

"A mayar? Kuɗin da aka cinye?"

Na haɗa masa a gabansa, ribar ta koma miliyan uku da dubu ɗari. Bai yi musu sosai a kan cefanen ba. Zakkar ce ta ba shi haushi. Ya ce, "Wannan ai ba dukiyata ba ce, haƙƙin talakawa ne ya biyo ta hannuna." Na san gaskiya ya faɗa, na kuma san takardar ba ta da gurbin wannan gaskiyar. Ban taɓa jin kunyar ilimina irin ta ranar ba.

Na lallashe shi da maganar injin. Abin da zai daɗe yana aiki ba a cire kuɗinsa lokaci ɗaya, amma akwai rangwamen kayan aiki: kaso mai tsoka a shekarar farko, sauran a bi shi shekara-shekara. Da rangwamen, harajin zai tsaya inda awakin Inna da ɗan abin da ke hannuna za su biya. In babu shi, ya kusa ninkawa. Na ce ya kawo rasit kawai.

Ya dube ni kamar na zage shi. A hannun amininsa na Gezawa ya sayi injin, bayan sallar Juma'a, gaban mutum biyu, aka yi musabaha aka shafa fatiha. Shekara arba'in suna tare, ya ce masa rubuta mini? Aminin kuma ya rasu da damina, magadansa sun watse.

Mun je ofis tare. Ma'aikacin bai wulaƙanta mu ba, har kujera ya ba Baba. Ya ce, "Alhaji, ban ce ƙarya kake ba. Amma na sama da ni takarda zai nema, ba shaidu ba." A bakin ƙofa wani ya raɗa mini cewa akwai mai buga rasit a bayan tasha. Wallahi na so. Na faɗa wa Baba a mota, ya ce, "In sa hannun mamaci a takardar ƙarya? Da wane ido zan gan shi?" Na yi fushi, na yi ta faɗa har gida.

Abin da ya rage a sayar a biya harajin, rumbu ne ko injin casar, kuma bakin mutum goma sha ɗaya ke jiran rumbun. Ranar kasuwa wani mutumin Dawakin Tofa ya zo da motar a-kori-kura, ya taya injin da arha don ya ga muna cikin matsi. Aka ƙirga kuɗi, aka ɗora, mutumin ya miƙo hannu a yi musabaha zai tafi.

Baba ya riƙe hannun bai saki ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, yago takarda ki rubuta masa rasit. Kada a yi masa yadda aka yi mini."