Yadda Na Rubuta Kaina Cikin Dajin Kebbe

Ban da wanda zan ɗora wa laifi a wanga labari. Na nema shekara da shekaru ban samu ba, don haka ni ne wawan, kuma da hannuna na rubuta wautar, da alƙalami mai kyau.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙaramin malamin dabbobi na En'e a ƙasar Kebbe. Aikina allurar shanu, rigakafin cutar bushiya, wadda ke share garke kamar an yi tsintsiya. Karatuna elemantare ne, shi ma ni da shi mun rabu ba da sallama ba. Amma hannuna na da sauƙi, sai in soki bijimi bai daina tuƙa ba.

Ni ɗan Tambuwal ne, kuma Tambuwal nake so. A can uwata take, ta tsufa, a can kasuwa take da hanyar mota. Kebbe kuwa, in damina ta sauka, wani lokaci keke ke ɗaukarka, wani lokaci kai ke ɗaukar keke. Sai ga labari cewa za a sa mataimaki a ofishin dabbobi na Tambuwal, kuma da rahoton shekara za a zaɓa. Rahoton kashi biyu ne. Na sama kai ma'aikaci ke cikawa, ka faɗi ayyukan da ka yi. Na ƙasa maigidanka ke rubuta ra'ayinsa a asirce, ya liƙe, ya aika Sakkwato.

To, mu an raine mu da cewa yabon kai jahilci ne. Na zauna na rubuta: "Ni ba kowa ba ne. Ban yi komai ba sai abin da Allah ya nufa. In an ga kuskure nawa ne, in an ga daidai albarkar magabata ce." Na karanta har ƙwalla ta zo mini don daɗin ladabi. Na hau keke sai Tambuwal.

Maigidana, babban malamin dabbobi, dattijo ne siriri mai tabarau, ba ya dariya sai ta kama dole. Ya karanta, ya juya takardar ko akwai saura a baya.

"Malam, wanga wasiyya ce ko rahoto?"

"Ranka shi daɗe, ladabi ne."

"Mutumin da za shi karanta a Sakkwato bai san ka ba, bai san ubanka ba. Ka ce ba ka yi komai ba, shi ko sai ya yarda. Koma ka rubuta abin da ka yi."

Na fito ina tunani. Ɗan mutunci ba ya yabon kansa, wannan haka yake. Amma ai don haka Allah ya halicci maroƙa. Na bi kasuwa har na sami wani maroƙi da ya san gidanmu, na sunna masa goro, na ja shi gindin tsamiya, na ce ya faɗa ni in rubuta. Ya gyara murya. Masu sayar da dawa suka daina awo.

"Kai ne damina mai raya ƙasa! Kai ne zakin dajin Kebbe, bushiya ta ji ƙarar kekenka ta haye Gulbi ba kwalekwale! Mai allura ɗan mai allura!"

Ubana dai manomi ne, allurar ɗinki ma bai iya riƙewa ba, amma ban katse shi ba. Duk inda ya ce "kai ne", na rubuta "ni ne", tun da takardar tawa ce.

Maigida ya karanta wannan a tsaye, da ƙarfi, gaban akawu da direba. Da ya kai wurin kwalekwale sai akawu ya shige ƙarƙashin tebur wai alƙalaminsa ya faɗi. Abin da ya yi mini daɗi a bakin maroƙi, da na ji shi da sunana a ƙasa, sai na ji kamar an tuɓe mini wando a kasuwa.

"Damina," in ji maigida, "zauna. Sakkwato ba su da gurbin damina, mataimaki suka nema."

Ya cire tabarau ya fara yi mini tambaya kamar alƙali. Waɗanne rugage ka je? Na lissafa. Me ka tarar? Na ce Fulani na jin an ce malamin allura sai su kora shanu daji, don sun ɗauka ƙidayar jangali, harajin shanu, muka zo yi a ɓoye. Me ka yi? Na ce na bar sirinji a jaka, na yi ta zuwa gaisuwa wurin arɗonsu, ina shan nono har cikina ya yi ƙara, na rantse masa ni ba ruwana da haraji. Sannan na fara da maruƙansa, na tsaga musu kunne alamar an yi, suka ga ba wanda ya mutu, sauran rugage suka fito da nasu. Maganin fa, ya lalace a hanya? Na ce a'a, ba na buɗe shantun ƙanƙara sai shanu sun taru a shinge.

"To ga rahotonka nan ka faɗa da bakinka. Inda ka je, abin da ka tarar, abin da ka yi, abin da ya biyo baya. Wanda ya taimake ka ka ambace shi. Zaki da damina ka mayar wa mai su."

Na rubuta a gabansa. Wallahi ya yi kyau. Ba durƙuso, ba kirari, kuma na sa sunan arɗo da dagacin yankin da masu kama mini shanu. Sai dai da na duba, sai na ga kamar miya ba gishiri. Na ƙara layi ɗaya a ƙarshe: "Arɗaɗɗan ƙasar Kebbe sun ce ba su fito da shanunsu sai in ni ke riƙe da allura."

Maigida ya ɗora yatsa kan layin.

"Wanga gaskiya ne?"

"Ranka shi daɗe, a tambayi arɗo."

"Ba fahariya ba ce in gaskiya ce. Amma ka tabbata kana son ya tafi Sakkwato?"

Na ce ai shi ne kan maganar. Ya ɗaga kafaɗa ya sa takardar a aljihun tebur.

Na koma Kebbe na fara sallama da mutane. Na ba maƙwabci tabarmata da randa. Na aika wa uwata a share ɗaki. Bayan kaka amsa ta zo, aka kira ni Tambuwal, na sa rigar sallah.

Sakkwato sun yaba ƙwarai. Sun ce rahoto ne a fili, na ma'aikaci da ya san aikinsa. Wai saboda amanar da ke tsakaninsa da makiyaya, ba za a so a raba shi da ƙasar Kebbe ba, har an ƙara masa wasu rugage can ƙurya. Kujerar Tambuwal kuwa an ba wani abokin aikina, wanda shanu ba su san shi ba, shi ma bai matsa musu ba.

Na tsaya gaban maigida da rigar sallah a jikina.

"Ranka shi daɗe, wanga zalunci ne! Na yi ladabi an ce ban yi ba, na yi kirari an yi dariya, na faɗi gaskiya an tura ni daji! Ka rubuta musu a gyara!"

Bai ko ɗago kai ba.

"Kai ka rubuta Fulanin Kebbe ba su yarda da hannun kowa sai naka. In ƙarya ce, faɗa mini yanzu in sanar da Sakkwato. In gaskiya ce, ga kekenka can, rana na yi."